Gaisuwa, da maganar da muka fara jiya a Gusau

Assalamu alaikum Hajiya Dakta,

Ranki ya daɗe, da fatan kin isa Birnin Kebbi lafiya, kin kuma tarar da iyali lafiya. Ya gajiyar hanya? Ni ce ma'aikaciyar lafiyar nan ta Anka mai shuɗin hijabi, wadda ta tare ki a bakin zauren taro a Jami'ar Tarayya ta Gusau bayan sallar azahar, kina riƙe da takalmanki a hannu, direba yana jiranki. Kika rubuta mini adireshinki a bayan takardar jadawalin taro, kika ce in rubuto kafin maganar ta huce. To ga ni.

Na gode da maƙalar da kika gabatar kan gubar dalma a ƙasar tsakar gida. Na sha zama a taruka ana maganar abin da ya same mu a 2010, amma galibi adadi ake karantowa a wuce: yara sama da 400 sun rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ke kuwa sai da kika kira sunayen garuruwan, Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega, kika kuma tsaya kika bayyana yadda ƙurar dutsen zinare ke tashi daga bakin injin niƙa ta sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Da kika zo nan sai na kasa ci gaba da rubutu, don ƙanena nake gani.

Shekararsa biyu a lokacin. Ƙauyenmu yana tsakanin Anka da Bagega, kuma a zaurenmu ake jibge buhunan dutse. Turmin da innarmu ke daka gero da safe, shi ake daka dutse a ciki da yamma, a ɗauraye shi, a kife. Da yaron ya fara amai da jijjiga, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. Sai da likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, suka ɗebi jininsa aka gane. Ya sha maganin da ke fitar da dalma daga jini, Allah ya yi da sauran kwanansa. Yau ya zama saurayi, yana noma, amma karatu ya gagare shi, kuma sai ka maimaita masa magana sau biyu ko uku kafin ya kama. Shi ya sa na shiga aikin lafiya.

Akwai wuri ɗaya da nake neman izini in ɗan saɓa miki, kuma shi ne ainihin dalilin wannan saƙo. Kin ce babbar matsalar da ta rage ita ce rashin sani. A 2010 haka ne, babu wanda ya san dutsen da ke ba da zinare yana ɗauke da guba. Amma yanzu, ranki ya daɗe, da wuya ki sami uwa a yankinmu da ba ta san kalmar dalma ba. Da idonsu suka ga an kankare ƙasar gidajensu an kwashe, an zubo sabuwa, har aka kai ga Bagega a 2013. Duk da haka dutse na komawa cikin gida. Mutum ya wuni a rami, ya fito da buhu biyu, in ya bar su a daji ko a wurin niƙa ba shi da tabbacin zai same su da safe. Ga halin tsaro da kika sani. Sai ya ɗauko abinsa ya tura ƙarƙashin gado. Wanda ma bai kawo dutse ba, yana shigowa da rigar aiki fari fat da ƙura, yaro ya ruga ya rungume shi, matarsa ta kaɗe rigar a tsakar gida kafin ta wanke. Hanin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta yi a 2019 bai raba mutane da ramuka ba, sai dai ya sa suka daina faɗin gaskiya in an tambaye su. A ganina abin da ya kamata a auna yanzu shi ne ko gidajen da aka share sun sake gurɓata, kuma ta wace ƙofa.

A nan nake ganin zan yi miki amfani. Kin ambata cewa ɗalibanki maza ne, iyakarsu zaure da ƙofar gida. Ni kuwa ina shiga har ƙuryar ɗaki, don ni ke zuwa rigakafi da awon ciki. Na san gidan da ake daka a ɓoye, na san inda ake ƙona zaiba don fitar da zinare a kan murhun da ake tuwo. Ba zan ba da sunan kowa ba, kuma ba zan ɗebi ƙasar gidan kowa ba sai maigida da matan gidan sun yarda. Amma in an yi musu bayani cewa ba kama mutane aka zo yi ba, na tabbata gida ashirin ba za su gagara ba a karon farko. Zan fara sanar da shugabana a wurin aiki da kuma hakimi, don kada a ji daga sama.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ba damuwa, ki turo mini maƙalar, musamman shafin da ke nuna cewa ma'aunin da aka bi a lokacin share gidajen shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa, alhali an sami wuraren da suka haura 100,000. Ina so in nuna wa abokan aikina. Sannan ki koya mini yadda ake ɗibar ƙasar: zurfin nawa, daga wane gefen tsakar gida, a wace irin leda, kuma kwana nawa za ta iya yi kafin ta iso ɗakin gwajinku. Na'urar XRF mai auna dalma a ƙasa da kika nuna hotonta, ban sani ba ko ana fita da ita ƙauye ko sai dai a kawo mata ƙasar. In kawowa ake yi, akwai direban da na amince da shi da ke zuwa Sakkwato duk mako, daga can kuma Birnin Kebbi ba nisa.

Wata tambayar kuma, da na so yi a zaure lokaci ya ƙure. Tun da kika ce kwallin gargajiya dutsen dalma ne, hankalina bai kwanta ba, don a wajenmu tun ranar suna ake ranbaɗa wa jariri. Me zan ce wa kakanni su sa a madadinsa? In na ce a daina kawai, ba za su ji ba.

Ba na so ki taso zuwa Anka yanzu, hanya sai a hankali. Ni zan sake shigowa Gusau ranar Laraba ta sama don kai rahoton wata, kuma a can waya ta fi kamawa. In kina da sarari bayan la'asar ranar, ko minti goma sha biyar ne, sai in kira ki. In ranar ba ta yi ba, ki zaɓi wadda ta yi miki, zan nemi inda sabis yake.

A gaida Alhaji da yara. Allah ya ƙara lafiya da basira, ya saka da alheri.

Wassalam,
Ƙanwarki daga Anka