Koke kan ƙwace asusuna da neman a dawo mini da hirarrakina

Zuwa ga sashen kula da masu amfani da manhajar aika saƙonni,

Assalamu alaikum. Sunana Balaraba, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kantin Kwari, Kano. Lambar da na buɗe asusun da ita tana ƙarewa da 4417, kuma har yanzu layin yana hannuna, rajistarsa da sunana.

Ranar Talata 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, wani mutum ya kira ni ya ce daga ƙungiyar adashinmu yake, wai za a yi taro ta waya da daddare, an turo mini lambar shiga. Har sunan uwar adashi ya ambata. Lambobi shida suka shigo ta saƙon tes, na karanta masa ina tsakiyar ciniki. Kafin in naɗe turmin da ke gabana, manhajar ta fitar da ni.

Na sake neman shiga, sabuwar lamba ta zo, amma sai aka tambaye ni lambar sirri ta mataki na biyu, wadda ban taɓa sawa ba. Shi ya sa ta, da imel ɗinsa. Tun daga ranar yake bin mutanena da sunana da hotona, yana cewa bankina ya tsaya, a ranta mini kuɗi zuwa gobe. Ƙanwar mahaifiyata ta tura masa naira 40,000 kafin labari ya kai mata. Ya kuma cire ni daga shugabancin zauren kwastomomina.

Ina roƙon ku fitar da shi daga asusun, ku goge lambar sirrin da imel ɗin da ya sa. Sai babbar damuwata, wato hirarrakin. Yawancin masu sarin kayana daga Maraɗi da Damagaram ba sa rubutu, murya suke turowa: turmi kaza, kala kaza, zan biya bayan sallah. Waɗannan muryoyin da hotunan rasit su ne littafin bashina. Idan suka tafi, ba ni da abin nuna wa kowa. Da yawa daga cikinsu ma ban ajiye lambarsu a waya ba, a cikin hirar kawai nake samun su.

Wayar tana nuna an yi ajiyar hirarraki ta ƙarshe daren Lahadi 12 ga wata. Ban goge manhajar ba, ban taɓa komai ba, tsoron kada in ɓata abin da ya rage. Ku gaya mini yadda zan dawo da ajiyar, da kuma ko mutumin ya iya karanta tsofaffin saƙonnina.

Na haɗo hoton saƙon tes ɗin, da na saƙonnin da ya aika wa mutane uku. Ku amsa mini ta wannan imel, don shi kaɗai nake iya buɗewa yanzu.

Na gode,
Balaraba