'Yan gudun mita 100 da 200, ku karanta wannan kafin Asabar

Salamu alaikum yarana, 'yan tseren intahaus gaba ɗaya har da 'yan rile. Ranar Asabar ƙarfe takwas za a fara hit ɗin farko, kuma kun dai san Jos a watan Janairu, sanyin safe ba ya wasa, ga hazo ga iskan nan da ke shiga har ƙashi. Don haka duk wanda bai ɗumama jiki a gabana ba wallahi ba zai hau layi ba, ko da shi ne kyaftin ɗin haus ɗinsu.

Bara kun ga abin da ya samu ɗan'uwanku na aji biyar, ya sauko daga bas hannu cikin aljihu yana rawar ɗari, aka kira sunansa ya cire suwaita ya tsuguna, bai kai mita arba'in ba ya dafe bayan cinya ya zube. Sati shida yana ɗingishi.

Ga dalili. Ku duba man ja da safen nan a kicin ɗin mamanku, ya daskare sai an kai shi kusa da wuta ya saki. Ko danƙon gwafa da ya kwana a waje, ka fizge shi da ƙarfi ya tsinke, amma in ka murza shi a hannu ya yi ɗumi sai ya miƙe lafiya. Tsoka ma kusan haka take, in ta yi sanyi tana tauri, jini ba ya shiga cikinta sosai, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika mata na "kama" da "saki" ma yana ɗan latti. Shi kuwa gudun mita 100 ba ya jira. Tsokar bayan cinya ita ta fi shan wahala, domin duk lokacin da ka wurga ƙafa gaba ita ce birki, tana miƙewa kuma tana riƙewa a lokaci ɗaya kafin ƙafar ta taɓa ƙasa, to a daidai nan take yagewa. Usain Bolt da kansa, mai sakan 9.58 a mita 100, a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017 tsokar nan ce ta kayar da shi a rile, kuma abokan gudunsa sun yi ƙorafin an daɗe ana ajiye su suna jira kafin a fito da su. Balle kai.

Abin da za mu yi bai wuce minti 20 ba. Ku fara da sassarfa a hankali, zagaye biyu na fili, suwaita a jiki, har sai kun ji gumi ya ɗan tsattsafo a goshi. Ba tsere ba ne, kar in ga wani yana wuce wani.

Daga nan kowa ya dafa kafaɗar abokinsa ya lilo da ƙafa gaba da baya sau goma, gefe da gefe sau goma, ya canza ƙafa. A juya ƙugu, a juya idon sawu, a wulwula hannuwa. Sai mu ja layi na mita 20, ɗaga gwiwa sama da sauri zuwa can, a dawo da tafiya, sai dunduniya tana bugun mazaunai, sai dogon taku ana durƙusawa, kowanne sau biyu. Wannan miƙar da kuke so ta zama a ƙasa ku kamo yatsun ƙafa ku daɗe, ku bar ta sai bayan tsere, in an daɗe a cikinta tana ɗan rage kuzarin tashi.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda kuka fi gudu, kuma shi na fi so. Gudun mita 50 sau huɗu, na farko da rabin ƙarfi, kowanne ya ɗan fi na baya, na huɗu ya kusa cikakken gudu, tsakaninsu a dawo da tafiya ana hutawa. Sai tashi daga tsugune sau biyu, taku goma kacal.

Kun gama ku mayar da suwaita da dogon wando nan take. Kun san halin taronmu, sai an jira babban baƙo an yi macin, in jiran ya wuce minti goma sha biyar ɗumin ya fara tafiya, ku tashi ku ƙara gajeren gudu biyu. 'Yan mata ku ma haka, kar a koma ƙarƙashin kanofi ana hira.

In kana gudu ka ji wani abu ya tsinke ko ya soke ka a bayan cinya, tsaya, kar ka ce sai ka ƙarasa don haus. A sa ƙanƙara cikin tsumma minti goma sha biyar, banda tausa banda ruwan zafi a kwanakin farko, ku kira ni mu kai shi asibiti a duba.

Ku karya da abu mara nauyi tun ƙarfe shida, ku zo da ruwa. Bakwai da kwata ina bakin get.

Malaminku na wasanni