Dabarun Bincike: Amsar Tambaya ta 3 kan Aminci da Inganci

Tambaya ta 3: Yi bayanin amincin ma'auni da ingancinsa a bincike, tare da gajerun misalai, sannan ka nuna dangantakar da ke tsakaninsu. (Maki 20)

Amsa

Duk mai bincike yana aiki da ma'auni, ko takardar tambayoyi ce, ko jarrabawa, ko sikeli, ko hira. Kafin a yarda da sakamakonsa, sai an yi wa ma'aunin tambayoyi biyu: yana ba da amsa iri ɗaya in an maimaita? Kuma abin da aka ce ya auna shi yake aunawa? Ta farko ita ce aminci, ta biyu inganci.

Aminci

Aminci shi ne tsayuwar ma'auni kan sakamako ɗaya muddin abin da ake aunawa bai sauya ba. Idan aka ɗora jariri a sikelin asibiti sau uku a jere, ya nuna kilo 6, sannan 7.5, sannan 5, wannan sikeli ba abin dogaro ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta gwada shi ita ce maimaita gwaji: a ba ɗalibai 40 takardar tambayoyi yau, a sake ba su bayan mako biyu, a duba yadda amsoshin suka dace. Sai dai a kula da lokaci. Wanda ya tambayi mutane yadda suke cin abinci a watan Sha'aban, ya koma cikin azumi, zai ga bambanci, amma ba laifin takardarsa ba ne. Halin mutanen ne ya sauya.

Akwai kuma raba gwaji gida biyu, wato tambayoyi masu lamba mara a gefe, masu lamba cika a gefe, a duba yadda makin rabin biyu ya dace. Da yake rabin gwaji ya fi cikakkensa rauni, ana gyara lissafin da ƙa'idar Spearman da Brown ta 1910:

```
R = 2r / (1 + r)
```

Idan r, wato dacewar rabin biyu, 0.60 ce, to R, wato amincin gwajin gaba ɗaya, zai zama 0.75. Alfa ta Cronbach, wadda ya gabatar a 1951, tana duba yadda dukkan tambayoyin suke tafiya tare, kuma galibi ana karɓar 0.70 zuwa sama. Inda malamai biyu ke duba insha'i ɗaya kuwa, ana auna yadda hukuncinsu ya zo ɗaya, misali da ma'aunin kappa na Cohen na 1960.

Inganci

Inganci ya fi wuyar tabbatarwa, domin ba lissafi kaɗai ke nuna shi ba, sai da hujja da tunani. Ingancin ƙunshiya yana duba ko gwajin ya taɓo duk abin da ya kamata. Malamin da ya koyar da tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, amma ya cika jarrabawa da tarawa zalla, bai auna lissafin zangon ba. Ingancin hasashe yana kwatanta sakamako da abin da zai faru daga baya, kamar a duba ko makin jarrabawar shiga jami'a yana nuna yadda ɗalibi zai yi a shekararsa ta farko.

Wanda ya fi damuna shi ne ingancin ma'ana, wanda Cronbach da Meehl suka yi wa cikakken bayani a 1955. Ya shafi abubuwan da ido ba ya gani, irin su basira, damuwa ko talauci. A ce an rubuta wa 'yan aji huɗu na firamare tambayoyin lissafi cikin Turanci mai tsauri. Yaron da ke taya mahaifinsa ba da canji a shago ba tare da kuskure ba zai iya faɗuwa, alhali abin da aka auna Turancinsa ne, ba lissafinsa ba. Wannan zalunci ne ga yaron, kuma ɓarna ce ga binciken. Haka nan mai auna wadatar magidanci da albashin wata zai rubuta manomi mai rumbu cike da gero da garken awaki cikin matalauta.

Dangantakarsu

Ma'auni zai iya zama mai aminci ba tare da inganci ba. Mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki, kullum adadi ɗaya zai ɗauka, ko an auna sau ɗari, amma kullum tauye mai saye yake yi. Akasin haka kuwa ba ya yiwuwa: mudun da yau ya ɗauki kaza, gobe ya ɗauki wani abu daban, babu yadda za a ce awonsa daidai ne. Ke nan aminci sharaɗi ne na inganci, amma bai wadatar shi kaɗai ba.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a babi na uku na kundinsu. Sai su rubuta cewa alfa ta kai 0.85, su wuce, kamar magana ta ƙare. Wannan adadi ya nuna tambayoyin suna fuskantar wuri guda ne kawai, bai nuna wurin daidai ne ba. Ya kamata a kai takardar wurin masana fannin su duba, a yi gwajin share fage da mutane kaɗan, in kuma an fassara ta zuwa Hausa, a ba wani mutum dabam ya mayar da ita harshen asali don a ga ko ma'ana ta zame a hanya.