Abu na faɗowa iska na tare shi: iyakar gudu da gudunsa a kowane lokaci

Salam 'yan uwa, ga tambayar nan da ta ba mu wahala jiya a aji, na zauna da daddare na warware ta.

An saki ƙwallo daga sama ba a jefa ta ba, mas ɗinta m = 0.5 kg, iska na tura ta sama da ƙarfi kv, inda v gudunta ne, k = 0.25 kg/s, a ɗauki g = 9.8 m/s². Ana son iyakar gudunta, wato taminal belositi, da kuma gudun a kowane lokaci t.

Mu ɗauki ƙasa a matsayin fulos. Nauyi na jan ta ƙasa iska na tare ta, sai dokar Newton ta biyu ta ba mu:

m dv/dt = mg − kv

Iyakar gudu ba ta buƙatar kalkulas ko kaɗan. Tana ƙara gudu iska na ƙara tare ta, har turin iskar ya zo daidai da nauyinta, daga nan gudun ya daina ƙaruwa, dv/dt = 0 ke nan.

vt = mg/k = (0.5 × 9.8)/0.25 = 19.6 m/s

To yanzu gudun a kan lokaci. A kai v gefe ɗaya t gefe ɗaya:

dv/(g − kv/m) = dt

Nan fa yawancinmu muka faɗi, ni ma a takardata ta farko haka na yi, mutum ya yi intagireshan ya rubuta ln kawai ya manta da −m/k ɗin da ke fitowa a gaba, shi ke nan sai amsa ta fito da mainos tana ta girma ba iyaka. Daidai shi ne:

−(m/k) ln(g − kv/m) = t + C

Tunda sakinta aka yi, v = 0 a t = 0, don haka C = −(m/k) ln g. In ka mayar ka gyara:

v = (mg/k)(1 − e^(−kt/m)) = 19.6(1 − e^(−t/2))

Ku danna kalkuleta ku gani. A sakan 2 gudun kusan 12.4 m/s ne, da babu iska da tuni ta kai 19.6. A sakan 4 kusan 16.9, a sakan 6 kuma 18.6, a sakan 10 ta kai 19.5. Kullum tana matsowa amma a lissafi ba ta taɓa 19.6 cif. Wannan m/k ɗin, sakan 2 a nan, duk sanda ya wuce sai a cinye kashi 63 cikin 100 na abin da ya rage.

Abu ɗaya don Allah, kada ku ɗauka ƙwallo ta gaske haka take yi, babban abu mai sauri turin iskarsa da v² yake tafiya. Wannan kv ɗin na ƙananan abubuwa ne masu saukowa a hankali, kamar ƙurar hunturu, iyakar gudunta ƙanƙanuwa ce sosai shi ya sa take kwana da kwanaki a sama kafin ta sauka mana a kan tebur.