Takardar Fara Aiki: Sashen Gwajin Manhaja

Malama, barka da zuwa. Manhajarmu ta karɓar kuɗi ce ta 'yan kasuwa, kuma yawancinsu ƙananan wayoyin Android suke riƙewa, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da kika zauna gwaji.

Wuraren gwaji

Uku ne. `dev` na masu rubuta manhaja ne, yana iya lalacewa safe da yamma, don haka abin da kika gani a can ki faɗa musu da baki, ba sai an buɗe tikiti ba. `staging` shi ne wurin aikinki. Kuɗin cikinsa na bogi ne, kuma duk daren Lahadi ana share bayanansa a zuba sababbi, kada ki yi mamaki idan asusun da kika buɗe ya ɓace ranar Litinin. `production` kuwa kuɗin mutane ne na gaske. Ba a gwaji a can sai ranar sakin sabon zubin manhaja, da asusu ɗaya da aka ware, da izinina a rubuce.

Kada ki saka BVN ko lambar asusun wani mutum a `staging`, ko da naki ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanmu. Akwai jerin lambobin gwaji a maƙale a zauren `#qa` na Slack.

Kayan aiki

Yau za a buɗe miki Jira da Slack da GitHub. Postman na gwajin API ne, kuma kafin ki danna `Send` ki duba sunan wurin da aka zaɓa, ki tabbata `staging` ne. Wayoyin gwaji suna cikin durowar da ke kusa da taga. Ki fara da tsohuwar itel ɗin nan mai tsagaggen gilashi, ta fi sauran tona asirin manhaja. Ki kunna `USB debugging`, ki ɗora sabon zubi:

```
adb install -r app-staging.apk
```

Idan kin ga matsala

Nan ne ainihin aikin. Kafin komai ki sake gwadawa ki ga ko za ta maimaitu, sannan ki bincika Jira ko wani ya riga ki. In babu, ki share tsohon rahoton waya, ki jawo matsalar, ki kwashe sabo:

```
adb logcat -c
adb logcat -d > log.txt
```

Taken tikiti ya faɗi abin da ya faru. "Biya ba ya aiki" ba ya gaya wa kowa komai. Ki rubuta kamar haka: "An cire ₦2,500 sau biyu idan sabis ya yanke bayan danna `Pay`." A ciki ki sa wurin gwaji, lambar zubi, irin wayar, matakan da kika bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ya faru da abin da ya faru, da hoto ko bidiyo. Ki rubuta yadda wanda bai taɓa ganinki ba zai bi sawunki ya tarar da abin. Tikitin da ba shi da lambar zubi zai dawo miki, kuma ni zan mayar da shi.

Girman matsala hawa uku ne. `S1` ita ce wadda ta taɓa kuɗi ko ta hana shiga: wannan kira na za ki yi a waya, ko da dare ne. `S2` wani sashe ya tsaya amma akwai hanyar kaucewa. `S3` rubutu ko tsari.

Tikiti yana tashi daga `Open` zuwa `In Progress`, sai `Ready for QA`. Daga nan ya dawo hannunki. Ki gwada gyaran a sabon zubi, ki gwada abubuwan da ke maƙwabtaka da shi, domin gyara kan haifi wata ɓarna. Ya yi, `Done`. Bai yi ba, `Reopened` tare da hujja. Mai gwaji kaɗai ke rufe tikiti. Idan wani ya ce miki "ai a wajena yana aiki", kada ki tsaya musu, ki miƙa masa wayar.

Akwai wurare uku da muke yawan tuntuɓe. Sabarmu, babbar kwamfutar da manhaja ke magana da ita, da kwabo take lissafi, wato ₦2,500 za ki gan shi `250000` a Postman. Lokacinta kuma `UTC` ne, awa ɗaya bayan agogonmu, shi ya sa cinikin 12:30 na dare kan faɗa lissafin jiya. Sai haruffa masu lanƙwasa: ki riƙa gwada suna mai ƙ, ɗ ko ɓ, ki duba yadda ya fito a rasit.

Makon farko

Muna haɗuwa ƙarfe 9:30 kowace safiya, minti goma sha biyar. Talata muke sakin sabon zubi, ba ma yi ranar Juma'a. Yau da gobe ki zauna da mai gwajin sashen tura kuɗi. Laraba ki ɗauki tikiti uku daga `Ready for QA`, ki nuna min kafin ki rufe su.

Shugaban sashen gwaji