Yadda za ka haɗa laftof da monita ta USB-C, da abin yi idan hoto ya ƙi

Sani, na aiko maka da monitar ta hannun direban motar Ɗambatta, tare da adafta da kebul na HDMI a cikin kwalin. Ka ajiye wannan takarda kusa da teburin aiki, domin idan lokacin rajistar jarrabawa ya zo, shago ya cika da ɗalibai, ba kullum za ka same ni a waya ba. Manufar monitar ita ce wanda ake yi wa rajista ya ga sunansa da ranar haihuwarsa a babban allo ya tabbatar, kafin ka tura.

Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, ko da kebul ya shige shi daram. Siffarsu ɗaya, aikinsu ya bambanta. Wani caji da kwafar fayil kawai yake yi. Wanda ke kai hoto sai yana da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, ko kuma ya zama Thunderbolt ko USB4. Dubi gefen baƙar laftof ɗin shago da kyau: ramuka biyu ne a hagu, amma na kusa da maƙalar murfi ne kaɗai ke da alamar harafin D mai P a ciki. Nan za ka soka adafta. A wasu laftof alamar walƙiya ce mai kan kibiya. Idan wani malami ya kawo tasa ba ka ga alama ba, karanta lambar samfurin a ƙasanta ka nemi bayanin ramukanta a shafin kamfanin, domin akwai masu fitar da hoto da ba a zana musu komai ba.

Haɗin ba wuya. Kunna monita tukuna, soka HDMI a bayanta, ɗaya bakin a adafta, sannan adafta a laftof. Ka ba ta 'yan daƙiƙu. Danna maɓallin Input ko Source a jikin monitar ka zaɓi HDMI, saboda ba kullum take gano hanyar da kanta ba. Daga nan riƙe maɓallin Windows ka danna P. Zaɓi huɗu za su fito: PC screen only, Duplicate, Extend da Second screen only. Don aikinmu Extend nake so, zan gaya maka dalili.

Idan allo ya rubuta No Signal, kada ka fara kwance komai gaba ɗaya. Wannan rubutun kansa shaida ce cewa monitar na da wuta kuma allonta lafiya lau, hoto ne bai iso ba. Ka sake duba Input, ka sake duba ko zaɓin bai tsaya a PC screen only ba. Sannan shiga Settings, System, Display, ka nemi Detect a ƙarƙashin Multiple displays. Idan shiru, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Allo zai ɗan ƙifta, wato direban hoto, manhajar da ke kula da fitar da hoto a allo, ya farfaɗo. Bayan wannan ne za ka taɓa kaya, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya: sauya kebul ka gwada, mayar da shi, sauya adafta ka gwada. In ka sauya uku a tare hoto ya zo, ba za ka san mai laifin ba, gobe ya sake tsayar da kai.

Kebul na yawan yaudarar mutane. Igiyar cajin waya mai USB-C a baki biyu, mafi yawansu USB 2.0 ne, babu wayoyin da ke ɗaukar hoto a cikinsu. Za ta yi caji lafiya, hoto kuwa ba za ta kai ba har abada. Saboda haka ranar da muka samu monita mai ramin USB-C a jikinta, sai an nemo kebul da aka rubuta yana ɗaukar bidiyo. Adaftar ma hanya ɗaya take bi, daga USB-C na laftof zuwa HDMI na monita, ba ta komowa. Ka kuma tuna ƙurar hunturu. Haska ramin da tocilan, idan ya toshe ka kashe laftof ka share da tsinken sakace a hankali. Ban yarda da allura ko wani ƙarfe ba.

Batun da zai fi damunka shi ne hoto ya zo amma ba daidai ba: rubutu dishi-dishi, ko fuskar mutum ta baje, ko baƙin fili a gefe. Kowace monita tana da adadin ɗigon da aka ƙera ta da shi. Wannan sabuwar 1920 x 1080 ce, allon laftof ɗinmu kuwa 1366 x 768. Idan ka zaɓi Duplicate, dole su biyun su nuna abu ɗaya, sai babbar ta sauko ta bi ƙaramar, rubutu ya dushe. Dalilin Extend ke nan: kowanne ya tsaya a nasa. A shafin Display danna Identify, lamba za ta bayyana a kowane allo. Danna akwatin monitar, yawanci 2, kafin ka taɓa Display resolution, in ba haka ba na laftof za ka sauya. Zaɓi wanda aka rubuta wa Recommended. Idan dattijo ya ce rubutun ya yi masa ƙanana, kada ka rage ɗigon, je Scale ka sa 125%.

In ka duba jerin ba ka ga 1920 x 1080 ba, buɗe Device Manager, sannan Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter na nufin babu ainihin direban hoto, abin da ke yawan faruwa bayan an sake loda Windows, kuma a wannan hali monita ta biyu ma kan ƙi fitowa sam. Sauke direban daga shafin kamfanin laftof, da dare in sabis ya fi kyau, ka sake kunna ta. Idan kuma monita ta rubuta Out of Range, an aika mata abin da ya fi ƙarfinta: daga allon laftof shiga Advanced display, zaɓi monitar, mayar da ita 60 Hz.

Tsohuwar monitar nan mai faɗi kusan daidai da tsawo tana nan da amfaninta. VGA take ci, adaftarta daban ce, ɗigonta 1280 x 1024. Ɗaure kusoshin kebul ɗin biyu sosai, domin in ya yi sako-sako launi kan koma ruwan hoda ko kore. In hoto ya karkace gefe, danna Auto a jikinta.

Idan allon yana ɗaukewa yana dawowa, lura da lokacin. In ya zo daidai da tashin firinta ko na'urar leda, wutar ce ke faɗuwa, ba haɗin ba. Raba monita da su a soket, kuma kada ka kunna su tare idan batirin sola ya yi ƙasa.

Laftof ɗin da raminta ba ya fitar da hoto, adafta ta yau da kullum ba za ta gyara ta ba, kada mai ita ya ɓata kuɗinsa. Ya duba ko tana da ramin HDMI ya yi amfani da shi kai tsaye. In babu, sai adafta mai DisplayLink, wadda ke buƙatar nata direban kuma ta fi tsada.

In ka bi duk wannan ya ƙi, ɗauki hoton gefen laftof da ramukan, hoton saƙon da monita ta rubuta, da na shafin Display, ka turo min. Ranar Juma'a zan shiga Farm Centre a Kano, in akwai abin saye sai in taho da shi.