Jawabin babban abokin ango a walimar Aminu da Hafsatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, surukanmu da suka taso daga Daura, ƙawayen amarya, abokan ango, sannunku da zuwa. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Sunana Bashir. Ni ne babban abokin ango. Gidanmu da gidan su Aminu katanga ɗaya ce ta raba, a nan Rafin Daɗi. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, bulalar malam ma tare muka sha, sai dai shi ba ya kuka.

Wannan takarda da ke hannuna gyararriya ce. Ta farkon, ga yadda ta fara: "Kasancewar irin daɗaɗɗiyar dangantakar da ke tsakanina da ango, wadda idan aka yi la'akari da tsawon lokacin da aka ɗauka, wanda kuma bai rasa nasaba da maƙwabtakar da iyayenmu suka assasa..." Na karanta wa Goggo jiya da dare. Kafin in kai aya numfashina ya ƙare. Ta ce, "Kai Bashir, sanarwar gidan rediyo za ka yi ko maganar abokinka? Me kake nufi?" Na ce ina nufin na daɗe da sanin Aminu. Ta ce, "To faɗi haka." Don haka ga shi na faɗa: na daɗe da sanin Aminu.

(A dakata kaɗan.)

Abin da na sani game da shi guda ne, kuma shi na zo in gaya wa mutanen Daura. Kun ba da ɗiyarku ga mutumin da ba ya magana. Amma yana zuwa.

A shekarar 2019 mahaifina ya kwanta asibiti, Allah Ya jiƙansa. Mutane sun zo dubiya, sun yi addu'a, sun tafi, Allah Ya saka masu. Aminu bai taɓa ce mani "yi haƙuri" ba. Yana rufe shago da magariba zai zo da tabarma da kwanon tuwo daga wurin Inna. Ya shimfiɗa tabarmar a baranda, ya ce in je in kwanta, shi zai zauna. Da asuba ya tashe ni, mu yi salla, ya wuce Ƙofar Ƙaura wurin aikinsa. Haka ya yi har ranar da Allah Ya karɓi abinsa. Ranar jana'iza, da na ɗaga kai a Ɗan Takum, shi na gani cikin kabari yana karɓar Baba. Daga baya na je biyan wani bashin magani, mai kemis ya ce an riga an biya. Har yau Aminu bai amsa cewa shi ne ba. Aminu, ga ni gaban iyayenka ina faɗa, ka yi musu in ka iya.

(A dakata. A sha ruwa.)

To, yanzu bari in gaya maku yadda mutum marar magana ya yi zance.

An kira shi aikin sola a wani gida a Daura, can wajen rijiyar Kusugu. Aikin yini ɗaya ne. Faranti a kan rufi, batir, inbata, a ja waya, a gwada, a karɓi kuɗi. Duk wanda ya san Aminu ya san in ya ɗaura waya ba a sake kiransa. Amma wannan sola ta Daura, ikon Allah, kullum tana buƙatar dubawa. Yau ruwan batir, gobe ƙura ta rufe faranti. Wata Juma'a ya ce mani hazo ne ya yi yawa, gara ya je ya gani. Na ce, Aminu, kilomita wajen tamanin za ka yi a kan babur don hazo? Hazon nan ai har Katsina akwai shi. Bai ce komai ba, ya ɗaura rawani ya tayar da babur. Masu shayin Mashi sun san shi, har sun daina tambayarsa madara nawa.

Baban amarya ne ya warware mana. Alhaji, ka gafarce ni, zan faɗa. Ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Yaro, wutar gidan nan lafiyarta lau. In akwai wani abu da ya lalace a wurinka, turo magabatanka." Ba a yi sati biyu ba su Kawu suka kama hanyar Daura da goro. Baba, mun gode. Ba don kai ba da yanzu ana can ana goge faranti.

Kuma mun ga karamci. Ba a tsawwala mana a sadaki ba, ba a ƙirga mana akwatunan lefe ba. Yau da safe a wurin ɗaurin aure, da waliyyi ya ce ya bayar, na ga hannun Aminu yana rawa, mutumin da ke kama wayar lantarki ba ya ko ƙiftawa. Daura ta Abdu tushen Hausa, kun yi mana halin manya. Mu kuma Katsina ɗakin kara ake ce mana, kunya gare mu. In sha Allahu ba za mu ba ku kunya ba.

Amarya, ƙanwata Hafsatu. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin saba da marar lafiyar da ba ya faɗin inda ke masa ciwo. In kin ga ya shigo ya yi shiru ya kama gyaran fankar da ba ta lalace ba, to akwai abin da ke damunsa. Kada ki ɗauka fushi yake da ke. Ba shi abinci tukuna, zai faɗa, ko da bayan isha'i ne. In ya ƙi, lambata tana wurinki.

Kai kuma ango, saurara, don wannan ba wasa nake ba. Ni na iya karanta shirunka saboda tare muka tashi. Ita ba a Rafin Daɗi ta tashi ba. Ta bar uwarta da ubanta da garinsu ta zo gidan da ba ta san kowa ba sai kai. Cefane ba zai isa ba, gyaran fitila ba zai isa ba. In ta yi girki ya yi daɗi, buɗe baki ka ce ya yi daɗi. In za ka yi dare, kira ta. In ka ɓata mata, ka ce ka yi kuskure. A cikin Suratur Rum, aya ta 21, Allah Ya ce Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata. Jinƙai kam na shaide ka. Ƙaunar ce nake roƙo ka riƙa furtawa. Sannan hanyar Daura da ka sani kamar tafin hannunka, kada ta yi maka nisa yanzu da ka samu abin da kake nema. Ka riƙa kai ta gida ta ga su Hajiya.

Inna, Baba, ku kuka haife shi, ku kuka yi tarbiyya, mu muka ci moriya. Allah Ya ƙara maku lafiya, Ya nuna maku jikoki.

Malamai za su yi mana addu'a mai tsawo, ni zan tsaya a kan wadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koyar a yi wa ango: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah Ya mayar da baƙinmu gida lafiya.

Sanarwa biyu kafin in sauka. Motocin kai amarya za su tashi daga masaukin baƙi bayan sallar isha'i, Sagir ne ke riƙe da jerin direbobi. Ƙawayen amarya kuma, maganar sayen baki, ni ne mai jakar. A tausaya, ni ma ban yi aure ba tukuna.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.